Yadda ake bin lissafin canji tsakanin sefa da naira kafin ka bar gaban ɗan canji

Na yi shekaru ina ɗaukar sefa daga Maradi ina bi ta Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina da Kano sayen kaya, kuma kusan duk rigimar canji da na gani da idona ba a wurin ƙirgen takardu take tasowa ba. Kowa ya iya ƙirga kuɗɗi. Inda ake faɗuwa wuri biyu ne, ko dai mutum bai san wane gefe farashin ke kallo ba, ko kuma bai san ta ina aka cire la'ada ba. To ga yadda nike bi, sannu sannu, da misali guda da za mu riƙe tun daga farko har ƙarshe. Farashin da zan yi aiki da shi na misali ne kawai don lissafi ya fito sarai, kar wani ya ɗauka ya tafi kasuwa da shi, farashin naira yana iya canzawa tsakanin hantsi da la'asar.

Abin da za ka tanada

Kalkuleta, ta salula ma ta isa, amma taka ba ta ɗan canji ba. Ba wai don ana zarginsa ba, shi hannunsa ya saba yana bugawa da sauri ya juyo maka fuskar kalkuleta ka ga adadin ƙarshe kawai, ba ka ga abin da aka buga ba. Sai bik da 'yar takarda ko karne, wanda za ka rubuta abu huɗu: nawa ka bayar, a wane farashi, nawa ne la'ada, nawa ka karɓa. In ta banki za a tura maka naira, ka tabbata kana iya buɗe asusun da za a tura a nan inda kake tsaye, ka ga kuɗɗin da idonka. Sannan ka zo da farashin wasu mutum biyu a kanka, ko ka tambaya a layin 'yan canji ko ka kira wani da ya canza da safen nan. Farashin jiya ba shi da amfani sosai.

In babu kalkuleta, cajin salula ya ƙare misali, akwai dabara, zan kawo ta a ƙasa.

1. Ka maida farashin ya zama magana cikakka

Ɗan canji ba ya faɗin farashi da tsawo. Za ka ce Alhaji yau nawa, ya ce maka biyu da ɗari biyar, ko ya ce tamanin, ya ci gaba da abin da yake yi. Wanda ya saba ya gane, baƙo kuwa sai ya gyaɗa kai don kar a ce bai waye ba, kuma daga nan matsala ke farawa.

Hanya biyu ake faɗin farashi a nan. Ta farko, jikka guda ta sefa naira nawa ce. Biyu da ɗari biyar na nufin jikka guda, wato sefa 1,000, daidai take da naira 2,500. Ta biyu kuma juyinta ce, naira dubu sefa nawa ce. In ya ce tamanin to dala yake nufi, dala tamanin, kuma dala guda sefa 5 ce, kenan naira 1,000 daidai take da sefa 400. Waɗannan biyun farashi guda ne, an dai faɗe shi ta fuska biyu. Ka gwada, raba 1,000 da 400 zai ba ka 2.5, wato kowace sefa guda naira biyu da rabi, jikka guda naira 2,500.

Maganar dala ita ce ke rikita 'yan'uwanmu na Najeriya in sun shigo, su ji tamanin su buga 80 a kalkuleta lissafi ya fito wani abu daban. Mu kuma abin da ke rikita mu, musamman dattawa, shi ne da can naira ce mai nauyi. Wajen 2015 naira dubu tana kai kusan jikka ukku, kunne ya saba da cewa in ka kawo naira adadi ƙaruwa yake yi. Yanzu abin ya juye, musamman tun da aka saki farashin naira a watan Yuni na 2023 ta yi ta sauka, sefa ce ke haifar da adadi mai yawa in an maida ta naira. Wanda kansa ya tsaya a lissafin da sai ya ninka inda ya kamata ya raba.

Don haka kafin ka fiddo kuɗɗi daga aljihu ka rubuta layi guda da sunan kuɗɗin biyu duka, kamar haka: jikka 1 = naira 2,500. Ka karanta masa da baki, Alhaji jikka guda naira dubu biyu da ɗari biyar ko? Ya ce e. Ba wanda zai ji haushin wannan tambaya, in ma ya ji to gara ka sani tun yanzu.

In a salula ka duba farashi, can ba a rubuta sefa da naira, za ka ga XOF da NGN. XOF ita ce sefarmu ta yammacin Afirka wadda bankin BCEAO ke bugawa, NGN naira. Ka kula kar ka zaɓi XAF, wannan ta su Kamaru da Cadi ce. Kuma salula sefa guda take nunawa ba jikka ba:

```
1 XOF = 2.50 NGN
1 NGN = 0.40 XOF
```

Na farkon sai ka ninka da 1,000 ka samu farashin jikka, na biyun ka ninka da 1,000 ka samu farashin naira dubu. Amma ka sani farashin salula na tsakiya ne, ba wanda zai saya ko ya sayar maka a kansa daidai, amfaninsa kawai ka ga ko abin da aka faɗa maka ya yi nisa ƙwarai.

2. Cikin farashi biyun wanne ne naka

Kowane ɗan canji farashi biyu gare shi, wanda yake sayen sefa da wanda yake sayar da ita, ribarsa tana tsakani. Mu ce yau yana sayen jikka a naira 2,500, yana sayarwa a naira 2,560. Kalmar saye da sayarwa daga bakinsa ake auna ta, ba daga naka ba, nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Kai da ka zo da sefa kana neman naira, a ranka sayen naira ka zo yi, amma shi a wurinsa sayen sefa yake yi daga hannunka, don haka 2,500 ne naka.

Ga misalin da za mu riƙe. Ɗan yayana ne zai tafi Kano sayen atamfa a Kantin Kwari, yana da sefa 750,000, jikka 750 kenan, takardun jikka goma goma guda 75. Lissafinsa na gaskiya shi ne 750 sau 2,500, naira 1,875,000. Shi kuwa ya ji wani na faɗin 2,560 a bayansa ya buga da shi ya samu 1,920,000, ya zo mini da fuska a murtuke wai kawu an rage mini dubu arba'in da biyar. Na ce masa wancan mutumin naira ya kawo yana neman sefa, kai sefa ka kawo, ba layinku guda ba.

Ga inda abin ke da ɗan santsi. In da dala aka faɗa maka farashin, babba da ƙarami suna musanya wuri. 2,500 ita ce dala tamanin, sefa 400 a kan naira dubu. 2,560 kuma in ka juya ta, 1,000 a raba da 2.56, tana ba da sefa 390 da 'yan ɗigo, dala saba'in da takwas kenan. To mai kawo sefa a lissafin jikka ƙaramin adadi ne nasa, 2,500, amma a lissafin dala babban adadi ne nasa, 400, don shi ke biyan sefa 400 kafin a ba shi naira dubu. Wanda ya haddace wai ƙaramin farashi ne nawa kullum zai sha kunya ranar da aka faɗa masa da dala. Ni ba na haddace komai, ina buga duka biyun ne kawai, wanda ya ba ni kuɗɗi kaɗan a hannu shi ne nawa. Ba a taɓa yin akasin haka ba, in ka ga lissafinka ya ba ka mai yawan to kai ne ka yi kuskure, ɗan canji bai buɗe tebur don ya yi asara ba.

Kuma kar ka raina dala guda. A jikka 750 ɗin nan, in an ce tamanin da ɗaya maimakon tamanin, wato sefa 405 a kan naira dubu, 750,000 a raba da 405 a ninka da 1,000 yana ba da naira 1,851,852. Dala guda tal ta ci naira dubu ashirin da ukku da wani abu. Shi ya sa in kuɗɗin na da yawa na fi son a yi mini ciniki da lissafin jikka, domin can ana iya jan naira biyar ko goma, a lissafin dala kuwa taki guda babba ne.

3. Ninkawa ko rabawa

Da zarar ka rubuta layinka na jikka 1 = naira kaza, sauran mai sauƙi ne. In kuɗɗin da ke hannunka su ne na hagun layin, ninkawa za ka yi. In su ne na dama, rabawa.

```
750 × 2500 = 1875000
128000 ÷ 2560 = 50
```

Layi na biyun dawowar yaron ce. Ya gama sayayya naira 128,000 ta rage masa yana son ya maida ta sefa, yanzu ɗan canji sayar masa da sefa yake yi, farashi 2,560, a raba, jikka 50, sefa 50,000. Da ya ninka 128,000 da 2.56 da ya ga 327,680, adadin da ko a ido ka san ba zai yiwu ba.

Kafin ka taɓa kalkuleta ka yi kintace da ka. Ni abin da nike yi, na san sefa ta fi naira nauyi kamar sau biyu da rabi, to in sefa na kawo adadin naira dole ya wuce ninki biyu amma kar ya kai ninki ukku, in naira na kawo adadin sefa dole ya gaza rabi. Wannan kintacen shi ke kama sifilin da ya ɓace ko ya ƙaru, wanda shi ne kuskuren da ya fi yawa a kalkuletar salula, yatsa ya taɓa sifili sau biyu maimakon ukku.

Wani abu kuma da ya shafe mu mu 'yan nan. Salular da aka saita da Faransanci waƙafi ne alamar ɗigo a cikinta, ta Najeriya kuma waƙafi na raba dubbai ne. Kenan in ka buga 2,560 a salula mai Faransanci ta ɗauka biyu da ɗigo biyar shida ne, a ɗayar kuwa dubu biyu da ɗari biyar da sittin. Hakanan a resi, wani zai rubuta 750.000 yana nufin dubu ɗari bakwai da hamsin. Maganinsa kar ka buga waƙafi ko ɗigo ko kaɗan, ka yi aiki da adadin jikka da farashin jikka kamar yadda na rubuta a sama, lambobi zalla.

In babu kalkuleta, ka fasa farashin gida gida. 2,500 ninki biyu ne da rabi: 750 sau biyu 1,500, rabin 750 kuma 375, a haɗa 1,875, ka ƙara sifili ukku. In farashin 2,480 ne misali, ka yi lissafin 2,500 ɗin sannan ka cire naira 20 sau yawan jikkunan, 750 sau 20 dubu goma sha biyar. A bayan takardar taba ma ana yin wannan.

4. Ta ina aka cire la'ada

Yanzu kana da adadin da ya kamata ka samu in babu cajin komai, naira 1,875,000. Ka ja masa layi a ƙasa, da shi za a auna duk abin da ya biyo baya.

In hannu da hannu ne a tebur, yawanci ba a ambatar la'ada, tana cikin farashin, ita ce ratar nan ta naira 60 tsakanin 2,500 da 2,560. Amma da zarar aikin ya haɗa da turawa, ka ba da sefa a Maradi a sa maka naira a asusun banki ko a ba wani a Kano, sai caji ya shigo, kuma tambaya ukku ce za ka yi kafin ka miƙa kuɗɗi. Nawa ne, da wane kuɗɗi ake faɗinsa, kuma a cikin abin da na bayar za a cire ko a kai zan ɗora.

Ta biyun ita mutane ke mantawa. A ce maka biyar za a cire. Biyar ɗin mi? In jikka biyar ce to sefa 5,000 ce, a farashinmu naira 12,500 kenan, in kuwa naira dubu biyar ce ko rabin wancan ba ta kai ba. Na ga an yi sa'insa har mutane suka taru a kan wannan kalma guda, kowa na rantsuwa kuma kowa gaskiyarsa yake faɗi, shi mai tebur jikka yake nufi, mai kuɗɗi dubu ya ji.

Game da a cire ko a ɗora kuma, in an cire jikka biyar daga cikin 750, jikka 745 ce aka canza, 745 sau 2,500 naira 1,862,500. In ɗorawa ka yi, ka fiddo jikka 755 daga aljihu aka tura maka 1,875,000 cif. Duka biyun daidai ne, abin da ba daidai ba shi ne ka ɗora biyar a kai sannan kuma a tura maka 1,862,500, an karɓa sau biyu kenan, kuma yana faruwa ba da mugunta ba in wanda ya karɓi kuɗɗin daban wanda ya yi turawar daban.

In da kashi aka faɗi cajin, misali ɗaya bisa ɗari, kar ka ɓata bakinka wajen gardamar a cire kafin canji ko bayan canji, duk ɗaya ne. Cire 7,500 daga sefa 750,000 ka canza sauran, naira 1,856,250. Canza duka ka cire 18,750 daga naira, 1,856,250 dai. Abin da za ka sa wa ido shi ne kar a cire ɗaya bisa ɗari a gefen sefa sannan a sake cire wani a gefen naira, in an yi haka adadin zai sauko wajen 1,837,700.

Akwai kuma 'yan ƙananan caji na banki a Najeriya, irin naira 50 ta harajin gwamnati a kan turawar da ta kai naira 10,000, da ɗan abin da banki ke ɗauka na aikin turawa. Waɗannan hamsin hamsin ne, in gibin da ka gani dubbai ne kar a ce maka wai cajin banki ne. Wanda zai ciri kuɗɗin a hannun mai POS kuma wannan wani caji ne daban da za ka biya can, ba ya cikin lissafin ɗan canji, amma ka sa shi a naka lissafin.

5. Ka koma baya daga abin da ya shigo hannunka

Wannan matakin shi ne ainihin binciken, sauran duk shiri ne. Yaron nan ya ba da jikka 750 da hantsi, an yi magana a kan 2,500 da cire jikka biyar, aka ce ya je za a tura. Bayan la'asar saƙo ya shigo sau ukku, naira 1,000,000, sai 500,000, sai 347,600. Da farko ka haɗa su a takarda, kar ka haɗa da ka, jimla 1,847,600. Kuma ka duba cikin asusun kansa, hoton resi da aka turo maka a waya ba kuɗɗi ba ne.

Sai ka cire daga adadin da ka ja wa layi. 1,875,000 a cire 1,847,600, gibin naira 27,400 ne. Yanzu aikin shi ne kowace naira a cikin gibin nan ta samu suna. Jikka biyar ta la'ada naira 12,500, mun san da ita, a cire, saura 14,900 da ba mu san ubanta ba.

Dabarar ita ce ka raba wannan ragowar da yawan jikkunan da aka canza. 14,900 a raba da 745 ya ba da 20 cif, babu ɗigo. In ka ga haka to farashi ne aka taɓa, an yi lissafin a 2,480 maimakon 2,500, gwada ka gani, 745 sau 2,480 daidai 1,847,600. Da ragowar ta fito adadi mai dunƙule kamar 5,000 ko 10,000 wanda ba ya rabuwa daidai da jikkunan, sai mu ce wani caji ne aka ƙara. Da ta fito 12,500 kuma, la'adar ce aka cire sau biyu. In kuma ta yi daidai da ɗaya ko biyu bisa ɗari na jimlar, caji ne na kashi. Kowane irin gibi da kamanninsa.

Muka koma wurin mutumin da takardarmu. Na ce Alhaji, yaron nan da safe a kan biyu da ɗari biyar kuka tsaya, turawar kuma a kan biyu da ɗari huɗu da tamanin ta fito, ga lissafin. Ya karɓa ya duba ya buga a tasa, ya ce wallahi Malam kasuwa ce ta sauka kafin yarona na can ya tura, shi da farashin la'asar ya yi aiki. Na ce to ai sefar tun hantsi take hannunka. Ya yi shiru kaɗan ya ce gaskiya ne, ya sa aka cika 14,900 ɗin. Da mun je da cewa kawai kuɗɗi ba su cika ba, ba tare da mun nuna naira ashirin ce a kan kowace jikka ba, da har yanzu ana ta magana. Tun daga ranar in turawa ce nike ƙara tambaya guda, farashin yanzu ne ko na lokacin da za a tura, kuma in sa ya rubuta farashin da hannunsa a resi ko ya turo mini shi a saƙo.

6. Ka fiddo farashin gaskiya

Farashin da aka faɗa da baki daban, wanda ka samu a zahiri daban. Na zahirin shi ne duk abin da ya shigo hannunka a raba da duk abin da ya fita daga aljihunka, har da la'ada. Kafin a cika wa yaron, 1,847,600 a raba da 750 ya ba da 2,463 a kowace jikka. Bayan an cika, 1,862,500 a raba da 750, 2,483. Wannan adadin shi za ka rubuta a karne, kuma da shi za ka yi wa kayan da ka sayo kuɗɗi in ka dawo Maradi, don in ka yi lissafin atamfa da 2,500 ka ci ribar da babu ita.

Da shi kuma ake gwada 'yan canji biyu. Wani ya ce 2,500 amma zai cire jikka biyar, wani ya ce 2,490 ba ya cire komai. Kunne zai ja ka wurin na farko, amma a jikka 750 na farkon 1,862,500 zai ba ka, na biyun 1,867,500, ya fi da dubu biyar. Sai kuɗɗin sun kai jikka 1,250 sannan su yi kunnen doki, daga nan zuwa sama na farkon ne ya fi, a jikka 2,000 misali ya fi da naira 7,500. Don haka ba a cewa wane ya fi wane araha sai an faɗi nawa za a canza.

Ka tambaya kuma ko farashin tsabar kuɗɗi da na turawa guda ne, sau da yawa ba guda ba ne. Wanda ya yi canji a farkon 2023 lokacin da aka sauya takardun naira tsaba ta yi wuya ya san ratar da aka gani tsakaninsu. In tsaba za ka karɓa, bandir na 'yan dubu dubu takarda 100 ne, naira 100,000, kenan 1,862,500 bandir 18 ne da naira 62,500 a sama. Ka ƙirga bandir ɗin, ka zaro biyu ko ukku ka ƙirga cikinsu, ka duba tsakiya kar 'yar ɗari biyar ta shiga cikin 'yan dubu.

Wuri guda ne binciken ke da sauƙi ƙwarai, in yuro aka turo maka daga Turai. Sefa a ɗaure take da yuro tun 1999, yuro guda sefa 655.957, ɗari shida da hamsin da biyar da ɗigo, ba ya motsi. Yuro 200 sefa 131,191 ce, duk abin da ya gaza haka caji ne, sai ka tambayi wanda ya turo ko ya riga ya biya cajin a can, ya turo maka hoton resinsa ka gwada da naka. Dalar Amurka da riyal ba su da wannan ɗaurin da sefa, su sai ka bi matakan nan tun daga na farko.

Abu na ƙarshe da nike gaya wa yaran da ke tafiya, kar su canza fiye da abin da za su kashe. Jikka 50 ɗin da yaron ya dawo da ita, lokacin tafiya naira 125,000 aka ba shi a kanta, lokacin dawowa sai da ya ba da 128,000 kafin ta dawo hannunsa, naira 3,000 ta tafi a kuɗɗin da ko turmi guda bai saya da su ba. In zai koma Kano cikin sati guda ko biyu ina ce masa ya bar ragowar a naira, in kuwa sai bayan wata biyu ne to ya maida ta sefa tun a ranar.